Gonar da Kowa ya Noma: Satar Fasaha da Ɗurin Kalmomi a Rubuce-rubuce kan Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ta riga ta zama a garin, ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi suka shiga sahun wuraren da ɗalibai ke yawan ɗauka a matsayin farfajiyar bincike. Mai nazarin sana'a, da mai nazarin waƙa, da mai nazarin bukukuwa, kowa sai ya buɗe kundinsa da wani sashe da akan kira taƙaitaccen tarihin gari. Wannan sashe shi ne abin dubawa a nan, domin a cikinsa ne cututtuka biyu suka fi samun mafaka, watau satar fasaha da ɗurin kalmomi. Satar fasaha ita ce mutum ya ɗauki kalmomin wani, ko tunaninsa, ko tsarin hujjarsa, ya gabatar da su kamar nasa. Ɗurin kalmomi kuwa shi ne a yi ta cusa wasu 'yan kalmomi cikin take da tsakure da jikin rubutu, ba don ma'ana ta bukace su ba, sai don na'urar neman bayanai ta yi saurin tsinto aikin, ko don shafi ya cika.

Akan ɗauki waɗannan abubuwa biyu a matsayin laifuffuka dabam-dabam, ɗaya na rashin amana, ɗaya na rashin gwaninta. Amma in an lura, uwarsu ɗaya. Duka biyun suna kama marubucin da yake da take amma ba shi da tambaya. Wanda aka ce ya rubuta "tarihin Dutsin-Ma" kurum, ba shi da abin da zai auna bayani da shi ya ce wannan ya shiga, wannan bai shiga ba. Saboda haka ko dai ya kwaso abin da na gabansa suka rubuta, ko kuwa ya yi ta juya taken nasa yana maimaitawa har ya kai adadin shafukan da aka yanka masa.

Abin da ke na kowa da abin da ke na wani

Kukan da ɗalibai suka fi yi shi ne, ai tarihi ɗaya ne, ba yadda za a yi mutum ya sake shi don kada a ce ya kwafa. Wannan kuka yana da ƙamshin gaskiya, amma ya haɗa abubuwa uku wuri guda, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Akwai bayanin da ya zama ruwan rafi, kowa na iya ɗiba. Cewa hakimin Dutsin-Ma shi ke riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Cewa an ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987. Cewa malamai uku ne suka ja ragamar jihadi a ƙasar Katsina, watau Malam Ummarun Dallaje da Malam Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji: waɗannan ba mallakar kowa ba ne. Mutum ɗari na iya faɗarsu ba wanda ya saci wani, muddin kowa ya faɗa da bakinsa. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne akan manta. Bayanin na kowa ne, amma jimlar da wani ya ƙera don ɗaukar bayanin tasa ce, kamar yadda ruwa yake na kowa amma tulu yana da mai shi.

Sa'an nan akwai abin da wani ya gano ko ya fassara da wahalarsa. Misali mafi kusa shi ne littafin Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun saba kallon jihadi a matsayin karon ƙabila da ƙabila, Fulani suka ci Haɓe. Usman ya ƙi wannan ma'auni, ya kalli al'amarin a matsayin rushewar wani tsarin mulki, wanda ya kira tsarin sarauta, da kafuwar wani a madadinsa, ya kuma nemi dalilan haka a cikin zaman jama'a da tattalin arzikinsu. Yau wannan ra'ayi ya bazu har ya zama kamar iskar da ake shaƙa a sassan tarihi. To, amma yaɗuwa ba ta mayar da shi ruwan rafi ba. Ɗalibin da ya rubuta cewa jihadin Katsina ba rikicin ƙabilanci ba ne, sauyin tsarin mulki ne, ya wuce bai ambaci kowa ba, ya ɗauki kayan Usman, ko da kuwa babu kalma ɗaya tasa da ta yi daidai da ta littafin. Wannan ita ce satar da ta fi wuyar kamawa, ita ce kuma ta fi yi wa ilmi ɓarna, domin tana ɓoye wa mai karatu cewa maganar hujja ce da aka kafa a kan wata hujja, wadda ake iya jayayya da ita.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani yanki mai santsi. Shekarar da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi tana kama da bayanin kowa, amma wasu littattafai sun ce 1806, wasu 1807. Duk inda aka sami saɓani irin wannan, bayanin ya tashi daga na kowa, tilas marubuci ya faɗi wanda ya bi. Haka labarin maharbin nan mai suna Ma, wanda ake cewa daga dutsen da ya zauna ne garin ya sami sunansa. Labarin ya shahara, amma ruwaya ce ta baka, ruwaya kuwa ba ta tsayuwa sai da mai ruwaya. Wanda ya ji shi daga bakin wani dattijo, ya faɗi sunansa da shekarunsa da unguwarsu da ranar da aka yi hirar. Wanda ya karanta shi a wani kundi, ya faɗi kundin. Abin da ba ya halatta shi ne a tsinci labari a takarda, a rataya shi a wuyan "wasu dattawa" da ba a taɓa zama da su ba. Wannan sata ce haɗe da shaidar zur.

Kashi na uku shi ne abin da marubuci ya samo da ƙafarsa da kunnensa. Za a komo kansa a gaba.

Ba baƙon ladabi ake nema a ɗora wa ɗaliban Hausa ba. Malaman ƙasar nan da suka yi rubutu da Larabci sukan ce wane ya ce a littafi kaza, su kawo maganar, in ta ƙare su rubuta "intaha", don mai karatu ya san inda bakin wani ya tsaya nasu ya tashi. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, yana da wata risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo. Ya kamata kuma a raba wannan batu da na haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare aikin adabi tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan mutuwarsa. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa ta Kurfi a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya kuma bayyana irin kariyar da aka yi wa garin, ya mutu tun 1865. Babu kotun da za ta tuhumi wanda ya kwashe shafinsa. Duk da haka, in ɗalibi ya siffanta Kurfi ta wancan zamani da idon Barth bai faɗa ba, ya yi satar fasaha cikakkiya.

Yadda ake gane kayan aro

Malamin da ya daɗe yana duba kundaye ba ya bukatar na'ura kafin ya ji warin kwafe. Alama ta farko ita ce bayanin da ya tsufa a hannun mai shi. Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma ta samu ne a gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, daga baya aka yi ta yankar wasu daga jikinta, har jihar ta kai ƙananan hukumomi 34 a 1996. Saboda haka duk bayanin iyaka da maƙwabta yana ɗauke da shekarunsa a goshi. In kundin da aka rubuta bayan 2011 ya zana iyakokin da suka shuɗe, ko ya lissafa makarantun garin ya tsallake jami'a, to sakin layin ya girmi marubucinsa. Haka nan ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma mutum kimanin 170,000. Adadin na ƙaramar hukuma ne gaba ɗaya, da ƙauyukanta. In an ga an jingina shi ga gari kaɗai, ko an kawo shi babu shekara kamar jiya aka ƙirga, an san hannu da hannu ya biyo. Kuskure kuwa ya fi daidai tona asiri: mutum biyu na iya dacewa a kan gaskiya kowa ta hanyarsa, amma da wuya su dace a kan kuskure iri ɗaya sai in ɗaya ya sha daga ɗaya.

Alama ta biyu tana cikin nahawu, ta kuma fi bayyana a wurin mai wayon sauya kalmomi. A ɗauka, don misali, wani ya tarar da jimla kamar haka:

"Garin Kurfi yana da ganuwa, kuma shi ne mazaunin hakimi."

Sai ya so ya ɓad da sawu, ya bi ta kalma-kalma yana musanyawa:

"Alƙaryar Kurfi yana da katanga, kuma shi ne masaukin dagaci."

Ɓarna huɗu ta auku a layi ɗaya. "Gari" namiji ne, "alƙarya" mace, amma "yana" da "shi ne" sun tsaya yadda suke, sun zama shaidar cewa akwai wata kalma da aka tumɓuke daga wurin. Ganuwa ba katanga ba ce, domin katanga gida take kewayewa. Masauki na baƙo ne, mazauni na mai gari. Mafi muni, an sauke hakimi an mai da shi dagaci, watau an ɓata gaskiyar da aka zo sata. Hausa harshe ne da jinsi ke ratsa jimla daga suna zuwa wakilin suna zuwa madanganci, don haka ba ta yarda a zare mata kalma ɗaya ba tare da sauran sun yi ƙara ba. Ko da mai wayon ya gyara duk wannan, ƙashin jimlar na nan: abin da aka fara faɗa, da abin da ya biyo, da inda aka tsaya. In sakin layi biyar suka jeru bisa tsarin na wani, sauya fata ba ya hana a gane dabbar.

Akwai kuma fassarar ɓoye, wadda ita ce babbar ƙofar sata a fagen nazarin Hausa, tun da yawancin abin da aka rubuta kan tarihin Katsina da Ingilishi yake. Ɗalibi ya juya shafi guda zuwa Hausa, ya ɗauka wahalar fassara ta mallaka masa shi. Akan gane wannan ta wurin jimlolin da suka yi tsawo ba bisa numfashin Hausa ba, da sunayen garuruwan ƙasar mutum da suka zo da rubutun baƙi, babu lanƙwasa. Wani lokaci ma karin harshe ke tona asiri: marubucin da ya yi shafi goma Katsinanci na kuɓuce masa, yana "gidanshi" yana "mashi", sai kwatsam a sami shafi biyu tas da daidaitacciyar Hausa, sa'an nan a koma gidan jiya.

Wata 'yar alama da ta keɓanta da rubutun Hausa a na'ura ta cancanci ambato. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace na'ura, an yi amfani da wasu zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. In aka kwafo rubutun da aka buga da su aka liƙa a wani zubi, sai "ƙasa" ta koma `}asa`, "ɗaya" ta koma `]aya`. Ganin irin wannan a tsakiyar kundin da sauran shafukansa lafiya lau ba hujja ce yankakkiya ba, amma dalili ne na a tambayi ɗalibi inda sakin layin ya fito.

Wannan ya kawo maganar manhajojin gano kamance, irin su Turnitin, waɗanda jami'o'i da yawa suka dogara da su. Abin da irin wannan manhaja ke yi shi ne ta gwada jerin kalmomin aikin da aka ba ta da abin da ke rumbunta, ta fitar da kaso cikin ɗari na abin da ya yi kama. Ba ta yanke hukuncin sata, kamance kawai take nunawa. Ƙarfinta kuma a kan Hausa ragagge ne, domin kundayen da ke jibge a kantocin sassa da ɗakunan karatu, waɗanda ba a taɓa sa su a na'ura ba, ba sa cikin rumbun. Bambancin rubuta haruffa masu lanƙwasa na iya raba kalma da 'yar'uwarta. Fassara kuwa takan wuce ta gabanta. A yi lissafi kaɗan. Kundi mai kalma 20,000 wanda aka kwafo kalma 1,500 a cikinsa, ko da manhaja ta kama su duka, kashi 7.5 cikin ɗari kurum za ta nuna. In an sa iyaka a kashi 20, ya wuce da daraja, alhali wataƙila waɗannan kalmomi 1,500 su ne zuciyar hujjarsa. A ɗaya gefen, mai nazarin waƙa da ya kawo baitoci masu yawa, kowanne da madogararsa, na iya haura iyakar ba tare da ya ci amanar kowa ba. Sashen da ya mai da wannan adadi alƙali ya koya wa ɗalibai dabarar rage adadi, dabarar kuwa ita ce sauya kalmomin da aka gani a sama.

Ɗurin kalmomi

Tun da mujallu suka koma fitowa a intanet, kuma ƙarin girman malami ya rataya a kan yawan waɗanda suka ambaci aikinsa, sai marubuta suka shiga damuwa da yadda za a tsinto su. Damuwar halas ce. Inda aka kauce shi ne zaton cewa yawan maimaita kalma shi ke jawo na'ura. Ga irin tsakuren da wannan zato ke haifarwa, an ƙaga shi ne don misali:

"Wannan takarda ta yi nazarin tarihin Dutsin-Ma. Tarihin Dutsin-Ma tarihi ne mai muhimmanci a tarihin Katsina, domin al'adun Dutsin-Ma da sarautun Dutsin-Ma suna cikin al'adun Hausawa. Takardar ta duba sarautun gargajiya na Dutsin-Ma da Kurfi, da al'adun gargajiya na Dutsin-Ma da Kurfi, domin fito da tarihin Dutsin-Ma."

Kalma 47 ce, sunan gari ya fito sau 7, "tarihi" sau 5, amma mai karatu bai san wace sarauta aka duba ba, ko wane zamani, ko ta wace hanya, ko me aka tarar. Ta fuskar harshe, laifin wannan rubutu shi ne ya kashe aikin wakilin suna da madanganci. Bahaushe in ya ambaci abu sau ɗaya, sai ya ce "garin", ko "shi", ko "can", ya bar suna ya huta. Maimaita cikakken suna a kowace gaɓa yana sa mai sauraro ya zaci wani sabon abu ake nufi, sai ya duba ya ga na ɗazu ne. Ba kowace maimaitawa ce aibi ba, ai mawaƙa da masu wa'azi da ita suke cin abinci. Bambancin shi ne tasu tana dawowa da ƙari ko da nauyi, ta mai ɗuri kuwa tana dawowa hannu wofi. Gwajin mai sauƙi ne: a karanta da ƙarfi, duk inda za a iya sa wakilin suna ma'ana ba ta ragu ba, sunan nan cushe ne.

Ta fuskar na'ura ma dabarar ta daɗe da mutuwa. Kamfanin Google ya bayyana tun 2009 cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da masu shafuka ke ɓoyewa a bayan shafi wajen jera sakamako, ya kuma lissafa cusa kalmomi cikin abubuwan da ke jawo a danne shafi. Daɗin daɗawa, kalmomin da akan cusa su ne waɗanda kowa ke da su. Wanda ya sa "al'ada, Hausawa, tarihi, Katsina, gargajiya" a matsayin fitilun kalmominsa ya shiga kasuwa ranar cinkoso sanye da rigar kowa. Fitila ɗaya mai suna "'Yandaka" ta fi waɗannan biyar haske, domin duk wanda ya nemi wannan kalma, wannan aikin yake nema.

Akwai dai wata matsala ta gaskiya da akan fake da ita. Ana rubuta sunan garin Dutsin-Ma, da Dutsinma, da Dutsin Ma, shi kuwa Barth "Kurrefi" ya rubuta ba Kurfi ba, ta yadda mai neman sunan da rubutun yau ba zai iske shi ba. Maganin wannan ba shi ne a barbaɗa kowane salo a kowane shafi ba. Marubuci ya zaɓi guda ya riƙe, ya faɗi sauran sau ɗaya a wurin da ya fara ambaton sunan. Wannan ya ishi mai karatu, ya ishi na'ura.

Daga take zuwa tambaya

A koma ga ɗalibin da aka ba "sarautun gargajiya a Dutsin-Ma", batun da aka noma har ƙasa ta gaji. In ya karanta da ido biyu zai tarar da wani abu. 'Yandaka sarauta ce da ta girmi jihadi, tana cikin manyan sarautu huɗu na tsohuwar Katsina tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi. Bayan jihadi ta koma gidan Malam Na Alhaji. Amma zuriyar sarakunan da aka kora, waɗanda suka kafu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, ba su bar tsarinsu a baya ba, M. G. Smith, a nazarinsa na 1967 kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, ya nuna waɗannan sarautu huɗu suna aiki a can. Ke nan suna ɗaya ya rayu a gida biyu, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar. Daga nan tambaya ta fito: me kirarin 'Yandaka da al'adun naɗinsa suka riƙe daga tsohon tsari a kowane gida, me kuma suka zubar?

Da samun wannan tambaya, aikin ya sake kama. Sashen tarihin gari, wanda dā zai ci shafi goma, ya koma shafi biyu, domin yanzu akwai ma'auni: labarin maharbi da yawan ruwan sama da jerin makarantu ba su taimaki tambayar ba, sai su fita, kuma da fitarsu kashi mafi yawa na abin da akan kwafa ya fita. Usman da Smith sun tashi daga rumbun da ake ɗiba a ɓoye, sun zama shaidu da ake kira da suna, domin hujjar ɗalibin ba ta tsayuwa sai an san wa ya ce me. Abin da ya rage kuma, watau kirarin da zai ɗauka daga bakin maroƙa da makaɗan fada, da bayanin waɗanda suka halarci naɗi, ba shi da inda zai kwafo shi ko da ya so.

Sauran aikin na ladabin ɗaukar bayani ne, domin sata da yawa ba da niyya take farawa ba, daga littafin rubutu mai hargitsi take farawa. Mutum ya kwafi jimla a watan Janairu bai sa mata alama ba, ya dawo a watan Yuni ya same ta da rubutun hannunsa, ya ɗauka tasa ce. Saboda haka tun a ɗakin karatu ake raba kaya: maganar da aka ɗauko kalma da kalma a sa mata alamar zance da lambar shafi nan take, wadda aka taƙaita a rubuta sunan mai ita a gefe, tunanin da ya zo wa mai karatu shi kansa a ware masa wuri dabam. Wajen taƙaitawa, a rufe littafin tukuna, a faɗi abin da aka fahimta kamar ana yi wa aboki bayani, sa'an nan a buɗe a gwada. In jerin ya bi na mai littafi sawu da sawu, ba a narkar da shi ba tukuna. In an fassara, a ce an fassara, a faɗi wanda ya yi fassarar. In kuma ba a ga Barth da ido ba, a wurin wani aka tsinci maganarsa, sai a ce Barth ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito. Jera littafin da ba a taɓa buɗewa ba cikin manazarta satar wahalar wanda ya buɗe shi ce, kuma in shi ya yi kuskure, an gaji kuskuren ba a sani ba.

Tsakuren irin wannan aiki zai iya fara wa kamar haka:

"Sarautar 'Yandaka ta rabu gida biyu bayan jihadi, ɗaya a ƙasar Katsina, inda mai riƙe da ita yake hakimcin Dutsin-Ma, ɗaya a Maraɗi. Takardar ta kwatanta kirarin da ake yi wa masu sarautar a wuraren biyu, bisa abin da aka naɗa daga bakin maroƙan fada, domin gano abin da kowane gida ya riƙe daga tsohon tsari."

Jimla ta uku, wadda za ta faɗi abin da aka tarar, ba ta rubutuwa sai an je an dawo. Sunan gari sau ɗaya ya fito, kuma kalmomin da mai nema zai bukata, 'Yandaka da kirari da Maraɗi da maroƙa, sun shigo da kansu domin maganar ba ta faɗuwa sai da su.

Wannan hanya tana da iyakarta. Zuwa Maraɗi na bukatar kuɗi da takardu, wasu ƙauyukan yankin kuma matsalar tsaro ta sha hana mai bincike shiga. Ɗalibin digirin farko mai wata huɗu a hannu ba zai ɗauki tambayar duka ba. Sai ya yanki gefenta: kirarin gida ɗaya, daga bakin maroƙa biyu ko uku, a rubuce daidai yadda suka furta, da Katsinancinsu ba a gyara ba, da bayanin kalmomin da suka tsufa. Shafi talatin na irin wannan abu ne da mai zuwa Maraɗi wata rana zai nema, ya kuma ambata. Nauyin a nan ya fi karkata ga malaman da ke amincewa da take, domin su ne ke da ikon mayar da ɗalibi ya sake tunani tun ranar da ya kawo "Nazari a kan Al'adun Garin Kurfi" ba tare da ya iya faɗin abin da yake son ya sani game da su ba.